Yadda ake rufe ƙofar waje ta akwatin wifi na gida

Tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025, akwatunan wifi sun ƙaru a Tanut da Belbeji, har da garuruwa irin su Gangara da Bakin Birji. Sau da yawa ɗan gida ne da ke Libiya ko Aljeriya yake aiko da kuɗin, wani matashi ya zo ya haɗa, ya tafi. Daga nan ba wanda yake sake leƙa cikin akwatin. To akwai wani maɓalli guda a ciki da ya kamata kowane mai gida ya tabbatar a kashe yake.

Akwatin da ke raba wifi, wanda masu gyara ke kira ruta, yana da fuska biyu. Ɗaya tana kallon cikin gida, wato wayoyin da suka hau wifinku. Ɗayar tana kallon waje, ta ramin da aka rubuta WAN, inda igiyar intanet ke shigowa. A cikinsa kuma akwai shafin sarrafawa, inda ake canza kode, a kori waya, a saita komai. Bisa ƙa'ida, wanda ke cikin gida ne kaɗai yake iya buɗe wannan shafin. Amma idan aka kunna abin da allo ke kira `Remote Management`, ko `Gestion à distance` da Faransanci, shafin zai amsa wa mai ƙwanƙwasawa daga waje shi ma. Kamar a huda katanga ne a bayan gida a sa ƙyaure, alhali zaure yana nan.

Yawancin akwatuna suna fitowa daga kamfani da wannan ƙofa a rufe. Mutum ne yake buɗe ta, galibi mai haɗawa, don kada a riƙa kiransa ya taso cikin rana saboda ƙaramin gyara. Wanda ya samu shiga yana iya canza kode ya bar masu gida a waje. Abin da ya fi wannan muni shi ne ya taɓa saitin DNS, wanda ke nuna wa waya hanyar kowane shafi, ya karkatar da ku zuwa shafin bogi mai neman lambar sirri. Wifi zai ci gaba da aiki lafiya lau, shi ya sa ba a saurin ganewa.

Wasu za su ce ai Starlink da kamfanonin salula ba sa bai wa kowane gida adireshin kansa a intanet, gidaje da yawa ne ke fita ta adireshi guda, don haka wani daga wata ƙasa ba zai iso akwatin ba. Akwai gaskiya a ciki. Idan adireshin WAN naku ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kuna bayan irin wannan shinge. Sai dai a nan Damargu "waje" ya fi kusa da yadda ake zato.

Mu ɗauka wani gida a Tanut ya haɗa kuɗi da maƙwabci mai shago wanda ke da Starlink. An jawo igiya daga shagon zuwa ramin WAN na ƙaramin TP-Link, samfurin TL-WR840N mai kunnuwa biyu. Akwatin shagon zai ba na gidan adireshi irin 192.168.1.37. A wurin wannan TP-Link, duk wanda ke kan wifin shagon mutumin waje ne. Idan ƙofar a buɗe take, duk yaron da ya samu koden shago yana iya rubuta wannan adireshi a wayarsa, shafin gidan ya buɗe masa. Idan kuma har yanzu sunan shiga da kalmar sirri `admin` ne da `admin`, kamar yadda tsofaffin samfura ke zuwa, ai magana ta ƙare.

Ga yadda mai gidan zai yi. Ya hau wifin gidansa, ya buɗe Chrome, ya rubuta `192.168.0.1` ko `tplinkwifi.net` a saman allo. In bai buɗe ba, a juya akwatin: adireshin yana rubuce a takardar da ke ƙasansa. Bayan ya shiga, a tsofaffin TP-Link sai ya danna `Security`, sannan `Remote Management`. Zai ga gurabe biyu. Na farko lambar ƙofa ce, yawanci 80. Na biyu, `Remote Management IP Address`, shi ne mai muhimmanci. In an rubuta `255.255.255.255`, ƙofar a buɗe take ga kowa. Ya goge ya rubuta `0.0.0.0`, ma'ana ba kowa, ya danna `Save`. A sababbin samfura hanyar ita ce `Advanced`, `System Tools`, `Administration`, sai a cire alamar da ke gaban `Remote Management`. Mutane da yawa suna mantawa da `Save`, su rufe shafin, komai ya koma yadda yake.

Kada a tsaya nan, a gwada. A shafin `Status` a rubuta adireshin WAN a takarda. Sai a sauka daga wifin gida, a je shago a hau nasu, a rubuta `192.168.1.37`, ko dai wanda kuka gani a naku. In lambar ƙofa ba 80 ba ce, a ƙara ta a ƙarshe, misali `192.168.1.37:8080`. Idan wayar ta yi ta juyi har ta ce ba ta samu shafin ba, an rufe. Idan gurbin kalmar sirri ya fito, da sauran aiki. Gwaji daga cikin wifin gida ba ya nuna komai, domin daga ciki shafin yana iya buɗewa ko ƙofar waje a rufe take. Wanda nasa akwatin ke da adireshi na kansa a intanet, sai ya kashe wifi ya gwada da rezon salula.

Tunda an riga an shiga, a duba gurbin DNS. In akwai lambobin da ba wanda ya san wanda ya sa su, gara a danna ɗan maɓallin `Reset` na baya da tsinke har fitilu su canza, a sake saiti daga farko da sabuwar kalmar sirri. A tanadi wanda ya iya saitin kafin a danna, don sunan wifi da kode duk za su goge.

Rufe wannan ƙofa ba ya hana wanda ke kan wifin gida isa shafin, shi kalmar sirri mai ƙarfi ce ke tare shi. Haka kuma ba ya yanke manhajar Tether: idan mai haɗawa ya ɗaure akwatin da asusunsa na `TP-Link ID`, a samfuran da ke da wannan tsari, yana iya shiga daga ko'ina har sai an cire asusun. A tambaye shi a fili, ba rashin kunya ba ne.

Masu sayar da tikitin wifi da akwatin MikroTik, tasu ƙofar ita ce Winbox, mai lamba 8291. A watan Afrilun 2018 an gano wata ɓaraka a cikinta da ke ba na waje damar kwashe kalmomin sirri ba tare da ya shiga ba, kuma an yi amfani da ita a kan dubban akwatuna a duniya. Kamfanin ya toshe ta a RouterOS 6.42.1. Mai tsohon akwati ya sabunta shi, ya kuma sa mai gyara ya taƙaita Winbox ga adireshin cikin gida a `IP`, `Services`.

Ƴan uwa da ke ƙetare kuwa, waɗanda don su ake yawan barin ƙofar a buɗe, ku kira gida ta bidiyo a WhatsApp, ƙane ya nuna muku allon wata wayar, ku faɗa masa inda zai danna.