Babban taron shekara na ƙungiyar gama kai: yadda ake tsara sanarwa, ajanda da ƙuri'a a Sabon Birni da Isa

Babban taron shekara shi ne zaman da mambobin ƙungiyar gama kai ke karɓar bayanin dukiyarsu, su yanke abin da za a yi da riba, su kuma zaɓi shugabanni. Abubuwa uku ke halatta abin da aka yanke a cikinsa: a sanar da kowane mamba a kan lokaci, a sami adadin mahalarta da doka ta gindaya, a kuma ƙirga ƙuri'a yadda aka tanada. Idan ɗaya ya ɓaci, duk wanda bai gamsu ba yana da hujjar ƙalubalantar sakamakon.

A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato, abubuwan nan uku sun yi wuya tun da hare-haren 'yan bindiga suka watsa jama'a. Daga 2019 dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, musamman yankin Gidan Rumji, wasu kuma sun koma hedikwatar ƙaramar hukuma ko birnin Sakkwato. Manomin da ya bar garinsu bai bar jarinsa a ƙungiya ba, kuma haƙƙinsa na a kira shi taro yana nan.

Inda ƙa'idojin suke

Dokar gama kai ta farko a Nijeriya ta fito ne a 1935. Dokar tarayya da ake aiki da ita yanzu ta 1993 ce, kuma rajistar ƙungiyoyin da ke aiki a cikin jiha tana hannun daraktan ƙungiyoyin gama kai na jihar. Dokar ta shimfiɗa manyan ginshiƙai, amma bayanan taro filla-filla, irin su kwanakin sanarwa da yawan waɗanda za su halarta, ana samun su ne a dokokin cikin gida da ƙungiya ta yi rajista da su. Saboda haka aikin sakatare na farko shi ne ya ɗauko kwafin da ke ɗauke da hatimin ofishin darakta. Abin da aka saba yi a baki ba ya zama doka, komai daɗewarsa.

Domin a ga yadda lissafin ke tafiya, za a bi misalin wata ƙungiyar manoman albasa da gero. Alƙalumanta na misali ne: a ce dokokinta sun nemi sanarwar kwana 21 cikakku, halartar kashi ɗaya cikin huɗu na mambobi, da rinjayen kashi biyu cikin uku kafin a gyara doka.

Tace littafin rajista

Kafin a rubuta sanarwa sai an san waɗanda za a aika wa. A ce littafin ƙungiyar na ɗauke da sunaye 184. Da kwamiti ya zauna, sai ya tarar mutum 9 sun rasu, 7 kuma sun fita a rubuce an biya su jarinsu. Saura 168.

A cikin 168 ɗin akwai 40 da ke gudun hijira a Nijar da Sakkwato. Nan ne ake yawan yin kuskure, wani lokaci da gangan. Cire sunayensu yana sauƙaƙa cikar adadi, domin kashi ɗaya cikin huɗu na 128 shi ne 32, alhali na 168 shi ne 42. Amma ƙaura ba murabus ba ce. Ba a soke sunan mamba sai ta hanyar da dokokin ƙungiya suka tanada, kamar rasuwa, ko fita da kansa, ko kora bayan an ba shi damar kare kansa. Alamar da ke nuna an taɓa rajista ita ce jimillar mambobi ta ragu daga bara zuwa bana ba tare da takardun fita ko shawarar taro da ta yi daidai da ragin ba.

Sanarwa da ƙirgar kwanaki

Idan doka ta ce kwanaki cikakku, ba a lissafa ranar da aka fitar da sanarwa, ba a kuma lissafa ranar taron. In za a zauna ranar 28 ga Maris, sanarwa za ta fita ranar 6 ga Maris ko kafin nan, domin kwana 21 su ne daga 7 zuwa 27. Wanda ya fitar ranar 7 ya gaza da kwana ɗaya, kuma kwana ɗayan ya isa hujja ga mai ƙorafi.

Takardar za ta ɗauki sunan ƙungiya da lambar rajistarta, da bayanin cewa babban taron shekara ne, da rana da lokaci da wuri, da ajanda, da sa hannun sakatare da kwanan wata. Idan akwai zaɓe, a faɗi muƙaman da ranar rufe karɓar sunayen 'yan takara. Idan akwai gyaran doka, a rubuta tsohuwar magana da sabuwar da ake son maye gurbinta kalma da kalma. Rubuta “gyaran doka” kawai ba ya sanar da mamba abin da zai rasa in bai zo ba.

Isar da sanarwar shi ne babban aiki. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, abin da ya nuna cewa saƙon waya kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ƙungiya mai hattara tana haɗa hanyoyi: ta manna takarda a ofishinta, ta ba wakilin kowane ƙauye kwafi, ta aika saƙon murya ga waɗanda ke nesa. Wakili ya dawo da jerin sunaye da sa hannu ko dangwalen yatsa na waɗanda ya sanar. Wannan jerin ne shaida idan wani ya ce ba a gaya masa ba. Yana kuma da fa'idar tsaro, domin shelar rana da wuri a kasuwa tana kai labari ga kunnen da ba a nufa ba.

Jeren ajanda

Tsarin da aka saba yana farawa da addu'a da tabbatar da cikar adadi. Sai karanta bayanan taron bara da amincewa da su, sai rahoton kwamiti, sai rahoton ma'aji tare da na mai binciken kuɗi. Bayan nan ne ake zuwa rabon riba, da kasafin shekara mai zuwa, da gyaran doka in akwai, da zaɓe, a rufe da sauran batutuwa.

Jeren yana da dalili. Ba a raba riba kafin a amince da lissafin da aka bincika, domin doka ta ɗora rabon ne a kan ribar da bincike ya tabbatar, ta kuma ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu zuwa asusun ajiya. Idan ribar ta kai Naira 1,200,000, to Naira 300,000 ta tafi ajiya, taro kuma zai yi magana ne a kan Naira 900,000. Haka nan ba a zaɓe kafin rahoton kuɗi, don mambobi su ga aikin kwamiti kafin su sake ba shi amana.

Sashen sauran batutuwa na tambaya da shawara ne. Cin bashi, ko sayar da sito, ko korar mamba ba su shiga ta wannan ƙofa, tun da waɗanda ba su zo ba ba su san za a yanke su ba.

Cikar adadi

A misalin nan ana buƙatar mutum 42. Kowane mamba zai sa hannu a takardar halarta da lambarsa ta rajista. Baƙi, da jami'in gama kai, da ɗan da ya rako mahaifinsa ba sa cikin ƙirga. Shugaba ya faɗi adadin a fili, sakatare ya rubuta shi da lokacin da aka ƙirga.

A ce an buɗe da mutum 60 da ƙarfe 10 na safe. Bayan azahar mutanen ƙauyuka suka tashi don su isa gida da sauran rana, aka bar 38. Idan dokokin ƙungiya sun nemi adadin ya cika a lokacin yanke shawara, duk abin da 38 ɗin suka zartar ba shi da tushe. Maganinsa a fara da wuri, a taƙaita jawabai, a gama duk abin da ke buƙatar ƙuri'a kafin salla, a kuma sake ƙirga mutane gab da kowace ƙuri'a mai nauyi.

Idan adadi bai cika ba tun farko, ana ɗage taro. Dokokin ƙungiyoyi da dama sun yarda waɗanda suka zo zaman na biyu su ci gaba ko da ba su kai adadin ba. Wannan sauƙi sai an gan shi a rubuce kafin a yi aiki da shi, kuma ajandar zaman farko ce kaɗai ake tattaunawa.

Ƙuri'a

A ƙungiyar matakin farko kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko jarinsa ya fi na kowa. Wannan ne ya bambanta gama kai da kamfani, kuma yana cikin ƙa'idojin da ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya sake jaddadawa a Manchester a 1995. A bisa al'ada ƙuri'a ta wanda ya zo da ƙafarsa ce. Ɗan'uwan mai gudun hijira ba zai ɗaga hannu a madadinsa ba, sai in dokokin ƙungiya sun buɗe ƙofar wakilci.

Batutuwan yau da kullum rinjaye kawai suke buƙata, kuma ɗaga hannu ya wadatar. A zaɓe kuwa ƙuri'ar sirri ta fi kare talaka da ke zaune kusa da wanda ke binsa bashin taki. Idan aka yi kunnen doki, a duba ko shugaban taro yana da ƙuri'ar raba gardama.

Gyaran doka ne ke da tarko. A ce cikin mutum 60, 36 sun goyi baya, 15 sun ƙi, 9 sun yi shiru. Idan doka ta ce kashi biyu cikin uku na waɗanda suka jefa ƙuri'a, ana neman 34 daga 51, gyara ya wuce. Idan ta ce na waɗanda suka halarta, ana neman 40 daga 60, gyara ya faɗi. Don haka shugaba ya karanta sashen da babbar murya kafin a fara, ba bayan an ga sakamako ba. Ko gyaran ya wuce, ba ya fara aiki sai darakta ya yi masa rajista.

Abin da ake adanawa

Bayan taro, sakatare ya haɗa kwafin sanarwa, da jerin waɗanda aka sanar, da takardar halarta, da bayanan taro masu ɗauke da alƙaluman kowace ƙuri'a. Rubuta “an amince” ba tare da adadi ba ba ya amfani a ranar jayayya. Doka ta ce saɓanin da ya shafi harkar ƙungiya ana kai shi gaban darakta ne, kuma waɗannan takardu huɗu su ne za su nuna ko an kira mutum 168 ɗin, da nawa suka zauna, da nawa suka yarda.