Tarihin Ilimin Fotosintesis: Daga Tukunyar van Helmont zuwa Hotunan Darasi

Fotosintesis shi ne yadda koren ganye yake amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid su zama sukari, ya kuma saki iskar oksijin. A makarantun sakandare darasin bai fi hotuna biyar ko shida ba da malami zai haska a allo ko ya zana da alli: tukunyar shuka, kyandir a cikin kwalba, ganyen da aka ɗiga wa aidin, sai lissafi guda ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu gwaji ne da wani ya yi a wata shekara, kuma haɗa su wuri ɗaya ya ci kusan shekara ɗari uku. Mai wannan maƙala ta fara bin tarihin ne lokacin da ƙanenta, yana shirin jarrabawar fita sakandare, ya turo mata hotunan darasinsu ya ce ya haddace su tsaf amma bai ga kansu ba.

Hoton tukunya na Jan Baptist van Helmont ne, likita daga yankin Brussels, wanda aka buga aikinsa a 1648 bayan rasuwarsa. A zamaninsa ana ɗauka cewa shuka ƙasa take ci. Sai ya busar da ƙasa mai nauyin kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa reshen bishiyar wilo mai nauyin kilo biyu da 'yan kai, ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga. Shekara biyar ba abin da yake zuba mata sai ruwa. Da ya tumɓuke ta, bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya kai giram 60 ba. Ya yanke hukunci cewa ruwa ne ya zama itace. Ya yi daidai da ya wanke ƙasa daga zargi, amma ya manta da iska, kuma abin mamaki shi ne mutumin da ya ƙirƙiro kalmar da Turawa suke kiran iskar gas da ita har yau.

Kyandir kuma na Joseph Priestley ne a Ingila. A ranar 17 ga Agusta, 1771, ya sa reshen na'a-na'a cikin kwalbar da kyandir ya ci ya mutu a cikinta. Bayan kwana goma ya tarar wani kyandir yana iya ci a cikin wannan iskar. Amma gwajin yakan yi masa gardama, yau ya yi, gobe ya ƙi. Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, shi ya gano dalili a 1779: shuka ba ta gyara iska sai cikin haske, kuma koren sashenta ne kaɗai yake yin haka. A cikin duhu ita ma ɓata iska take yi kamar dabba. Daga nan Jean Senebier na Geneva ya nuna a 1782 cewa sai da kabon-dayoksaid, shi kuma Nicolas-Théodore de Saussure ya auna a 1804 ya tabbatar ruwa ma yana shiga cikin nauyin shukar.

Gwajin aidin, wanda ya fi fitowa a jarrabawa, ya samo asali daga Julius von Sachs, Bajamushen da ya nuna a farkon shekarun 1860 cewa sitaci yana taruwa a ganye cikin haske, ya ɓace cikin duhu. Ana ajiye shukar a duhu kwana biyu don ta cinye sitacin da ta tara. Sai a rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, a fitar da shukar rana na wasu sa'o'i. A tsinke ganyen, a tsoma a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, sannan a sa shi cikin itanol mai zafi har koren ya fita, ganyen ya yi fari. Ba a ɗora itanol a kan wuta, domin yana kamawa. Cikin ruwan zafi ake tsayar da kwalbarsa. A ɗauraye ganyen ya yi laushi, a ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai yi shuɗi mai duhu kamar rinin baba, inda aka rufe zai tsaya ruwan ƙasa-ƙasa. Idan ganyen duka ya yi shuɗi, to ba a bar shukar ta daɗe a duhu ba. Idan ko'ina bai canza ba, a duba irin ganyen, domin na albasa sukari yake ajiyewa, ba sitaci ba.

Sai lissafin da ake haddacewa:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

Nan ne ƙanen ya tsaya cak, kuma ba shi kaɗai ba. Masana sun fi shekara ɗari suna ɗauka cewa ganye yana tsage kabon-dayoksaid ne, ya riƙe kabon, ya saki oksijin. Cornelis van Niel ne ya girgiza wannan zato a 1931. Ya yi nazarin wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da haske waɗanda a maimakon ruwa suke amfani da H₂S, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da suke fitarwa farar wuta ce, ba oksijin ba. Ya ce in haka ne, oksijin ɗin ganye daga ruwa yake fitowa. A 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu a Berkeley suka tabbatar da haka. Sun ba gansakuka ruwa mai ɗauke da oksijin mai nauyi, ¹⁸O, sai ga wannan alamar ta fito a cikin iskar da aka saki.

Ga yadda yayar ta warware wa ƙanen wannan a wasiƙar da ta rubuta masa: "Ƙanena, ɗauki biro ka ƙirga. A 6O₂ akwai zarrar oksijin goma sha biyu. A 6H₂O guda shida ne kawai. To ina sauran shidan, tunda duk daga ruwa suke? Amsar ita ce lissafin allonku gajarta shi aka yi. Ruwa goma sha biyu ne yake shiga, shida su sake fitowa." Cikakken lissafin ke nan:

6CO₂ + 12H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂ + 6H₂O

Yadda kabon yake zama sukari kuwa, Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham ne suka bi sawunsa da ¹⁴C bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Calvin kaɗai aka ba kyautar Nobel a 1961, abin da har yanzu wasu suke ganin an danne wa Benson haƙƙi.

A 1966 Marshall Hatch da Roger Slack, suna aiki a kan rake a Ostareliya, suka bayyana wata hanya ta daban ta kama kabon da ake kira C4. Shukar da ke bin ta tana tara kabon-dayoksaid a cikin ganye, saboda haka ba sai ta wage ƙofofin ganyenta sosai ba, kuma ba ta asarar ruwa da yawa a tsakar rana. Gero da dawa da masara duk wannan hanyar suke bi, shinkafa da alkama da wake kuwa ba sa bin ta.