Ma'aunin BMI: yadda kuskuren santimita uku a tsayi ke sauya wa mutum rukuni

BMI lamba ce da ake samu idan aka raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, bayan an ninka tsayin da kansa. A takaice ana rubuta shi haka: BMI = kg/m². Masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ne ya fito da wannan lissafi a ƙarni na 19, sannan a 1972 masanin Amurka Ancel Keys ya ba shi sunan da aka san shi da shi yau. Ma'aikacin da ya je neman takardar shaidar lafiya, ko ɗan kasuwar da ya je awon hawan jini a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko babban asibitin Kawo, zai iya ganin wannan lamba a katinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa manya gida huɗu bisa wannan lamba. Ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 nauyi ne daidai. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da likitoci ke ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Waɗannan iyakoki siraran layuka ne, don haka wanda ke tsaye kusa da ɗaya daga cikinsu ƙaramin kuskure ya isa ya tsallakar da shi.

Me ya sa kuskuren tsayi ya fi na nauyi illa

Nauyi sau ɗaya yake shiga lissafin, amma tsayi sau biyu yake shiga, domin ana ninka shi da kansa. Mai sayar da kafet a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya san wannan a aikace: idan ɗaki murabba'i ne aka yi kuskure a awon gefe ɗaya, kuskuren zai bayyana a tsawo, ya kuma bayyana a faɗi. Haka abin yake a nan. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a nauyi yana kawo kuskuren kashi ɗaya a BMI, amma kuskuren kashi ɗaya a tsayi yana kawo kusan kashi biyu.

A ɗauki misalin magidanci mai kilo 72 wanda ainihin tsayinsa santimita 168 ne. Mita 1.68 sau 1.68 ya ba da 2.82, idan aka raba 72 da shi za a samu 25.5. Wannan mutum ya ɗan shiga rukunin waɗanda nauyinsu ya wuce kima. To, a ce an auna shi da takalmi a ƙafa, aka rubuta santimita 171. Yanzu 1.71 sau 1.71 ya zama 2.92, sakamakon kuma ya sauko zuwa 24.6. A takarda ya koma mai nauyi daidai, alhali ko giram ɗaya bai rage ba. Da a ce ta hanyar sikeli zai samu wannan lamba, sai ya zubar da kusan kilo biyu da rabi.

Ga mai kilo 72, iyakar 25 tana tsakanin santimita 169 da 170 ne. A 169 lambar 25.2 ce, a 170 kuma 24.9. Santimita ɗaya tak, wadda ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, ta raba rukunin biyu.

Ƙarin tsayi ba kullum yake yi wa mutum rangwame ba. Matar da ke da kilo 50 da tsayin santimita 163 tana da 18.8, wato daidai. Idan aka auna ta da ɗaurin ɗankwali aka rubuta 166, lambar za ta faɗi zuwa 18.1, sai a saka ta cikin masu rama.

Inda santimitocin ke shigowa

Hanya ta farko ita ce sutura. Takalmi sau-ciki na iya ƙara santimita biyu zuwa uku, haka ma hula, ɗankwali ko tulin kitso idan ba a danna allon awo ya taɓa tsakiyar kai ba. Ta biyu ita ce tsayuwa: sunkuyar da kai, lanƙwasa gwiwa ko ɗaga dunduniya. Ta uku ita ce lokaci, domin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da yini, har mutum ya ragu da santimita ɗaya zuwa biyu tsakanin asuba da dare. Shekaru ma suna rage tsayi, saboda haka lambar da aka rubuta wa mutum yana ɗalibi ba lallai ta dace da shi yana gab da ritaya ba.

Akwai kuma kuskuren juya ƙafa da inci zuwa santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma inci 12 ne ke yin ƙafa ɗaya, ba 10 ba. Mai ƙafa 5 da inci 6 yana da santimita 167.6. Amma idan aka danna 5.6 a kalkuleta kamar lamba ɗaya aka juya ta, za a samu 170.7. Ga santimita ukun nan sun sake shigowa ba tare da takalmi ba. Tsayin da mutum ya faɗa da baki kuwa yakan zarce na gaskiya, domin mutane sun fi cika lambar sama.

Yadda ake awo da yadda ake gane kuskure

A cire takalmi da hula, mace kuma ta sassauta ɗauri a wurin da ya keɓanta. A tsaya a daɓe mai tauri kuma mai shimfiɗa ɗaya, ba kan kafet ba, dunduniya da baya suna jingine da bango, ido yana kallon gaba sosai. A ɗora abu mai faɗi kuma mai tauri a tsakiyar kai, a yi alama a bango, a auna daga ƙasa da tef ɗin ƙarfe, domin tef ɗin tela yakan miƙe idan ya tsufa. A maimaita sau biyu; idan awon biyu ya bambanta da fiye da rabin santimita, a sake.

Alamar kuskure mafi sauƙi ita ce BMI ya motsa da kusan lamba ɗaya alhali sikeli bai motsa ba. Idan haka ta faru, a duba layin tsayi a katunan biyu. Wata dabara kuma ita ce a yi lissafin sau uku: da tsayin da aka rubuta, da ƙarin santimita biyu, da ragin santimita biyu. Idan duka ukun suka faɗa rukuni ɗaya, ana iya dogara da shi. Idan suka rabu, mutumin a bakin iyaka yake.

Kasancewa a bakin iyaka ba ya nufin 24.9 lafiya ce, 25.1 kuma ciwo. Haɗarin hawan jini da ciwon sukari yana ƙaruwa ne a hankali, ba tsalle yake yi a kan layi ba. BMI kuma ba ya bambanta tsoka da kitse, waɗannan iyakoki ba na yara ba ne, ba kuma na masu juna biyu ba. Shi ya sa likita kan haɗa shi da awon kewayen ciki, wanda ake son kada ya kai rabin tsayin mutum: ga mai santimita 168, ƙasa da santimita 84 ke nan.