Zahra da Mirrihi: Yadda Ake Karanta Haɗuwarsu a Sinastiri

Sinastiri wani sashe ne na ilimin taurari na Turawa, inda ake ɗora taswirar haihuwar mutum biyu a kan juna. A wajensu, Zahra tauraruwar soyayya ce, Mirrihi kuma na sha'awa.

Abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin Zahrar wannan da Mirrihin wancan a da'irar sama mai digiri 360. In digiri 0 ne, sai su ce shaƙuwa mai zafi. In 60 ko 120 ne, jituwa ba wahala. In kuwa 90 ko 180 ne, akwai so amma da yawan rigima. Galibi ana yafe kuskuren digiri biyar zuwa shida.

Misali, Zahrar budurwa tana digiri 10, Mirrihin saurayi yana 103. Tazarar 93 ke nan, wato ta faɗa gidan 90. Sai a ce shi mai gaggawa ne, ita kuma lallashi take so.

Amma fa Zahra tana matsawa kusan digiri ɗaya kullum. In an kuskure ranar haihuwa da mako guda, lissafin ya rushe. Sannan kimiyya ba ta tabbatar da wannan karatu ba.