Daga Tambarin Banki Zuwa Lamba Goma Sha Biyu

Shekaru da dama, shaidar biyan haraji a Najeriya ita ce takardar da ma'aikacin banki ya buga wa tambari. Ɗan kasuwa zai kai ta ofishin haraji a musanya masa da rasit, amma sai an tabbatar kuɗin ya iso. A nan gizo yake saƙa: kuɗin gwamnati ya kan kwana a bankunan kasuwanci, mai biya kuwa yana riƙe da takardar da ofis bai amince da ita ba tukuna.

A 2012 gwamnatin tarayya ta fara gwajin Asusun Bai-ɗaya, a 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya wajabta shi ga hukumominta, kuɗin yana bi ta Remita zuwa Babban Bankin Najeriya. Daga nan shaida ta koma lamba. Mai biya ya kan ciro RRR, lamba mai alƙaluma 12, ya kai banki ya biya a kanta.

Sai dai ciro lambar ba biya ba ne; rasit ɗin da ya nuna an biya shi ne hujja. Kuskuren da ya fi cin mutane kuwa ɗaya ne: akawu ya ciro lambar a kan harajin VAT alhali na ribar kamfani ake nufi. Kuɗi ya shiga, bashi na nan. Sau da yawa ba a ganewa sai ranar neman takardar shaidar biyan haraji, wadda take duba shekaru uku da suka gabata.