Ribar Takarda da Ribar Haƙiƙa: Nazarin Cire Hauhawar Farashi daga Kuɗin Ruwa a Yola da Jimeta

Tsakure

Wannan maƙala ta gwada hanyoyi biyu na gano ribar haƙiƙa: debe hauhawar farashi daga kuɗin ruwa, da kuma rabawa bisa ƙa'idar Fisher. An yi amfani da alƙaluman Nijeriya na ƙarshen 2024, aka auna su da misalin buhunan masara. An gano cewa debewa tana kumbura riba, tana kuma kumbura asara, kuma kuskurenta yana girma gwargwadon tsadar kaya.

Gabatarwa

Malamin makaranta a Yola da ya ajiye kuɗi a wani banki da ke kan titin Galadima Aminu a Jimeta yana ganin ƙari a asusunsa duk wata. Wannan ƙarin shi muka kira ribar takarda. Abin da kuɗin zai iya saya idan ya shiga kasuwa, shi ne ribar haƙiƙa. Al'adar da aka saba da ita, har a cikin ayyukan ɗaliban jami'a, ita ce a debe wannan daga wancan: ruwa kashi 8, hauhawa kashi 35, asara kashi 27, shi ke nan. Lissafin yana da sauƙi, amma kintace ne da bai dace ba sai inda farashi ke tafiyar hawainiya.

Ƙa'idar da dabarar bincike

Irving Fisher, masanin tattalin arziki Ba'amurke, ya fayyace wannan dangantaka a littafinsa The Theory of Interest na 1930. Idan i ita ce ribar takarda, π hauhawar farashi, r kuma ribar haƙiƙa, to:

1 + r = (1 + i) / (1 + π)

wato r = (i − π) / (1 + π)

Dalilin rabawar a fili yake. Ribar tana zuwa ne a ƙarshen shekara, da nairar ƙarshen shekara, wadda ta riga ta rage daraja. Saboda haka ratar da debewa ta bayar, ita ma sai an mayar da ita zuwa nairar farkon shekara. Bambancin hanyoyin biyu daidai yake da r × π. Inda hauhawa take kashi 2 cikin ɗari ba wanda zai damu da shi. A Nijeriya ta 2024 kuwa ya wuce sulusin amsar kanta.

Alƙaluman da aka ɗauka biyu ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disamban 2024. Babban Bankin Nijeriya kuma ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.50 a Nuwamban shekarar, kuma tun 2022 ya ƙayyade cewa ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na wannan ma'auni, wato kashi 8.25. Farashin buhun da za a gani a ƙasa misali ne da muka tsara don lissafi.

Sakamako

Mu ɗauka buhun masara naira 50,000 ne a farkon shekara, kuma ya bi sawun hauhawar ƙasa daidai, ya koma 67,400. Mai naira miliyan ɗaya zai iya ɗaukar buhu 20 a ranar farko. Sai ya ajiye kuɗin a banki, mu kuma yi masa karamci mu ce ya samu kashi 8.25 a tsawon shekarar, ko da yake ma'aunin ya fi haka ƙasa a watannin farko. Ya fito da 1,082,500. Da wannan kuɗi buhu 16 zai ɗauka, da ɗan canjin da bai kai naira 5,000 ba. Buhu huɗu sun tafi cikin ashirin, wato 1.0825 ÷ 1.348 = 0.803, asarar kashi 19.7. Debewa kuwa ta ce kashi 26.55 ya rasa, abin da ke nufin bai kai buhu 15 ba. Duk ɗan dakon da ya loda masa kayan zai shaida cewa buhu 16 ya ƙirga.

Wani zai ce ai kumbura asara ba laifi ba ne, gargaɗi ne. To, mu duba ɗaya ɓangaren. Ɗan kasuwa ya juya miliyan ɗaya ta zama miliyan ɗaya da rabi, riba kashi 50. Debewa ta ba shi kashi 15.2. Rabawa ta ba shi 1.5 ÷ 1.348 = 1.113, wato kashi 11.3, buhu 22 da kwata. A nan ne haɗarin yake, domin idan ya fitar da rabon abokin hulɗa ko ya ci daga ribar bisa kashi 15.2 na buhu 20 ɗin, ya fara gutsurar uwar kuɗi bai sani ba.

Mutane da yawa a Adamawa suna ƙaurace wa ruwa saboda haramcinsa a Musulunci, kuma za su iya zaton maganar ba ta shafe su ba. Ta shafe su. Ƙa'idar ba ruwanta da inda ƙarin ya fito, ko rabon riba ne a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ko kiwon sa, ko ajiyar hatsi. Har bashin zumunci tana auna shi. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa miliyan ɗaya aka mayar masa da ita cif bayan shekara, i ɗinsa sifiri ce, kuma ya rasa kashi 25.8 na ƙarfin kuɗinsa, inda debewa za ta ce 34.8. Hukuncin shari'a a kan haka aikin malamai ne. Namu shi ne adadin.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona asirin debewa. A ce farashi ya tashi da kashi 120, kuɗin kuma yana ƙarƙashin katifa. Debewa za ta ce mai shi ya rasa kashi 120, alhali mutum ba ya rasa fiye da abin da ya mallaka. Rabawa ta ce 1 ÷ 2.2, asarar kashi 54.5.

Iyakokin lissafin

Rabawa ba ta gyara mummunan alƙalami. Kashi 34.80 matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya. Na abinci kaɗai ya kai 39.84 a wannan watan. Magidancin Jimeta da yawancin albashinsa ke ƙarewa a cefane, nasa π ya fi kusa da na biyun. Mai sayo kaya daga Garwa ta ƙasar Kamaru kuwa, canjin sefa ne ya fi yi masa hukunci.

Sai batun lokaci. Mace da ke zubin adashi, wadda kwasarta za ta zo bayan wata shida, ba ta raba 34.8 biyu ta ce 17.4. Hauhawa kan hauhawa take hawa, don haka tushen murabba'in 1.348 ake nema, wato 1.161, kashi 16.1. Haka kuma alƙalamin Disamba labarin watanni goma sha biyu da suka wuce ne, ruwan da banki ke tallatawa yau kuma alkawari ne na watanni masu zuwa. Haɗa su a lissafi ɗaya hasashe ne, kuma ya kamata mai bincike ya faɗi haka a fili.

Ƙarin abin lura shi ne, Hukumar Ƙididdiga ta sabunta ma'auninta a farkon 2025, ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, sai alƙalamin Janairu ya fito kashi 24.48. Faɗuwar daga 34.80 ta samo asali ne musamman daga sauyin ma'aunin, ba ta nufin kaya sun yi sauƙi dare ɗaya, saboda haka bai kamata a jera alƙaluman biyu a layi ɗaya ba tare da bayani ba.

Ko a kan 24.48 ɗin, debewa tana kumbura amsa da kusan rubu'i. Muna kira ga masu duba ayyukan ɗalibai a Jami'ar Modibbo Adama, da ma'ajin ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata a Yola, da su daina karɓar lissafin debewa matuƙar hauhawa ta haura kashi goma cikin ɗari.