Mayar da Jadawalin Alƙaluma Zane Ba Tare da Ɓacewar Suna da Ma'auni Ba: Nazari Daga Ƙasar Gumel

Tsakure

Maƙalar ta duba matakan mayar da jadawalin alƙaluma zane a cikin rahoto, ta hanyar aiki da ƙidayar jama'a ta 2006 a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, da kuma ma'aunan hatsi da kuɗi da ake ciniki da su a yankin. Ta nuna cewa ana yanke hukuncin ma'auni tun kafin a fara zane, kuma ana gwada karantuwar rubutu a kan takardar da za ta isa hannun mai karatu.

Jadawali da zane

Jadawali yana riƙe adadi daidai yadda yake, kowace lamba a gidanta, da sunanta a gefe da ma'auninta a sama. Zane yana sadaukar da wani ɓangare na wannan daidaito domin ido ya ga bambanci nan take. Tun 1786 da William Playfair ya wallafa zanen sanduna a littafinsa na kasuwancin Birtaniya ake yin wannan musanya. Abin da ya fi salwanta a cikinta shi ne kan jadawali, wato layin nan na sama da ke cewa lambobin mutane ne ko buhuna, naira ne ko sefa, kuma na wace shekara. Manhaja tana kwashe lambobi ta zana su cikin ƙiftawar ido, amma ba ta san abin da suke aunawa ba.

Misalin ƙidayar 2006

A ƙidayar da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi a watan Maris na 2006, idan aka cike alƙaluman zuwa dubu goma mafi kusa, Maigatari na da mutum kimanin 180,000, Sule Tankarkar inda garin Ɗanzomo yake kimanin 130,000, Gumel kimanin 110,000, Gagarawa kuwa kimanin 80,000. Jimilla wajen 500,000 ke nan. Tambayar da mai karanta irin wannan jadawali yake ɗauke da ita ita ce wace ƙaramar hukuma ta fi yawan jama'a, kuma da nawa ta fi.

Da yawan masu rubuta rahoto hannunsu kan tafi ga zanen da'ira, wanda ake yankawa kamar kankana. A nan kason zai kasance 36 da 26 da 22 da 16 cikin ɗari. Yankan Sule Tankarkar zai buɗe kusurwa mai digiri kusan 94, na Gumel kusan 79, kuma da yake kowanne ya fuskanci wata nahiya daban, ido ba ya saurin tantance wanda ya fi. Gwajin da William Cleveland da Robert McGill suka wallafa a 1984 ya nuna cewa mutane sun fi ƙiyasta adadi daidai idan an jera alamomi a kan layin ma'auni ɗaya, fiye da idan an bar su su kwatanta kusurwa ko faɗin fili. Saboda haka sanduna suka fi dacewa da wannan jadawali.

Sai batun kwanciya ko tsayuwar sandunan, kuma tsawon sunaye ne ke yanke shi. Gumel harafi biyar ne, Sule Tankarkar kuwa goma sha uku ban da tazarar tsakani. Idan sanduna na tsaye, kowane suna yana samun fili daidai faɗin sandarsa kawai. Da fili ya gaza, manhaja kan karkatar da sunan, ko ta miƙar da shi tsaye, ko ta datse shi ya koma "Sule Tan...". Mai karatu sai ya karkata kai ko ya juya takarda. Idan aka kwantar da sandunan, sunayen suna jeruwa a gefen hagu, kowanne a miƙe yadda aka saba karatu, kuma ko da jadawalin ya faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 27 na jihar Jigawa, da dogayen sunaye irin su Malam Madori da Kafin Hausa, tsawon shafi ne kawai zai ƙaru. Jerin kuma ya bi girman adadi, Maigatari a sama, Gagarawa a ƙasa, domin tambayar ta yawa ce.

Layin ma'aunin sanduna dole ya fara daga sifiri, domin tsawon sanda shi ne adadin. Idan aka fara daga 60,000, sandar Gagarawa za ta ɗauki 20,000 kawai, ta Maigatari 120,000, sai ido ya karanta ninki shida. Ainihin bambancin bai wuce ninki biyu da kwata ba. A rahoton da za a duba wajen rabon rijiyoyin burtsatse ko azuzuwan makaranta, wannan kuskure ba ƙarami ba ne, kuma hanyar gano shi mai sauƙi ce: a duba lambar farko a kan layin.

Yawan sifiri ma yana cinye fili. Maimakon 0, 50,000, 100,000, 150,000, 200,000, sai a rubuta 0, 50, 100, 150, 200, a sa "Yawan jama'a (dubbai)" a ƙarƙashin layin. A Excel ana yin haka ba tare da taɓa ainihin alƙaluman ba, ta hanyar ba wa layin wannan tsarin lamba:

```
#,##0,
```

Waƙafin ƙarshe shi ne ke ɓoye sifiri uku. Haɗarinsa shi ne manhajar ba ta rubuta kalmar "dubbai" da kanta. Idan mai zane ya manta, Gumel za ta bayyana da mutum 110. A ƙarshen kowace sanda a rubuta adadinta, kuma da yake launi ɗaya ne a zanen, akwatin bayanin launuka ba shi da aiki, sai a cire shi. Take kuwa ya ɗauki abu, da wuri, da lokaci: "Yawan jama'a a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, ƙidayar 2006". Shekarar ba abin tsallakewa ba ce, domin zane kan rabu da rahotonsa ya yi yawo shi kaɗai a wayoyi, har wani ya ɗauka alƙaluman bana ne.

Ma'aunin kasuwa

Ƙidayar jama'a ma'auninta ɗaya ne. Jadawalin farashin amfanin gona shi ne mai wuyar sha'ani a wannan yanki. Gero da dawa da wake ana auna su da tiya a wurin 'yan awo, dillalai suna maganar buhu, masu sayen riɗi da zoɓo domin fitarwa waje kuma suna aiki da sikeli da kilo. Tiya awon cika ce, kilo awon nauyi, don haka tiyar gero da tiyar riɗi ba su yin nauyi ɗaya. Ko a hatsi iri ɗaya, kwanon wata kasuwa ya kan ɗara na wata, kuma akwai bambanci tsakanin awon da aka yi wa tozo da wanda aka shafe bakinsa.

A ƙaddara, domin lissafi kawai, jadawali ya nuna gero naira 2,000 a wata kasuwa, naira 76,000 a wata, an rubuta "tiya" da "buhu" da ƙananan haruffa a gefe. Idan aka zana su yadda suke, sanda ɗaya za ta ninka ɗayar sau 38, zanen ya zama shirme. Idan aka auna aka tarar tiyar kilo 2.5 ce, buhun kuma kilo 100, farashin kilo ya zama naira 800 a kasuwar farko, naira 760 a ta biyu. Bambancin naira 40 ne. Wannan juyi ana yin sa a cikin jadawali, a sabon ginshiƙi, kafin a taɓa zane. Sannan a ƙasan zanen a rubuta abin da aka dogara da shi: "An ɗauki tiya a matsayin kilo 2.5 bisa awon sikeli." Manomin da bai saba da kilo ba zai iya mayar da adadin zuwa tiyarsa, mai bincike kuma zai iya gyara lissafin idan kwanon garinsu ya bambanta. Inda rahoton na ƙungiyar manoma ne, babu laifi layin ma'auni ya zama naira a kan tiya, muddin tiya ɗaya aka yi aiki da ita daga farko har ƙarshe.

Kasuwar Maigatari, da ke ci ranar Alhamis a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, tana ƙara wata matsala. Cinikin dabbobi a can yana haɗa masu naira da masu sefa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999, naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan sakin kasuwar canji a watan Yunin 2023. Zanen da ya mayar da farashin sefa zuwa naira na shekaru da dama zai nuna hauhawar da babban ɓangarenta canjin kuɗi ne, alhali farashin sa a wurin mai sefa bai motsa haka ba. Dole a rubuta kuɗin da aka zaɓa, da farashin canjin, da ranarsa. Akwai kuma lissafin baki: a Hausar Nijar dala sefa biyar ce, don haka "dala ɗari" sefa 500 ce. Takardun da aka rubuta bisa tsarin Faransanci suna sa waƙafi inda Nijeriya ke sa ɗigo, sai 1,500 ta zama ɗaya da rabi a can, dubu ɗaya da ɗari biyar a nan.

Girman rubutu da haruffa masu lanƙwasa

Zane kan fito da kyau a fuskar kwamfuta, ya lalace a takarda. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, idan aka bar 2.5 a kowane gefe saura 16. Zanen da aka tsara da faɗin santimita 32 da rubutu lamba 10, idan aka matse shi ya shiga shafin, rubutunsa ya koma lamba 5, wato ƙasa da milimita biyu. Maganin shi ne a tsara zanen tun farko da faɗin da zai zauna a shafi, kuma kada rubutu ya gaza lamba 8 ko 9 bayan an ɗora shi. Yawancin rahotannin ƙananan hukumomi da makarantu da baƙin tawada ake buga su, sannan a yi fotokwafi. Ja da kore kan koma toka iri ɗaya, rubutun da aka ɗora a kan duhun launi kuma ya nutse. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a buga shafin, a yi masa fotokwafi sau ɗaya, a miƙa wa wanda bai ga jadawalin ba, a ce ya faɗi abin da aka auna da ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Rubutun Hausa yana da tasa larurar. Haruffan ɗ da ƙ da ɓ da manyansu ba su cikin kowane salon haruffa. Inda babu su, Ɗanzomo kan fito da ɗan akwati a madadin harafin farko, ko harafin ya fito da wani salo daban, ya fi 'yan uwansa kauri ko gajarta. Wasu kan kauce wa matsalar su rubuta D, alhali a lakabin zane babu jimlar da za ta fayyace ma'ana: "ƙasa" da "kasa" kalmomi biyu ne, haka "ɓari" da "bari". Salon DejaVu Sans da Noto Sans da Charis SIL suna ɗauke da waɗannan haruffa. Idan za a kai rahoton shagon bugu, a fitar da shi a matsayin PDF da haruffan a cushe cikinsa, domin kwamfutar shagon ba lallai tana da salon da aka tsara zanen da shi ba, kuma idan ta musanya shi, faɗin sunaye kan canja har su hau kan sanduna.